Darasi: Cike Giɓin Sauti da Sautin Ɗaki da Sautukan Ƙari

Kowane wuri da aka ɗauki magana a cikinsa yana da ƙararsa, ko da babu wanda ya buɗe baki. Fanka tana juyawa, firji yana gunji, iska tana kaɗa labule, motoci suna wucewa can nesa, ita kanta na'urar ɗaukar sauti tana da ɗan huci nata. Haɗuwar waɗannan ƙananan ƙararraki ita ake kira sautin ɗaki, ko da a waje aka yi ɗaukar. Mutumin da ke zaune a wurin ba ya lura da shi, domin kunne yakan saba da duk ƙarar da ba ta canzawa ya daina kula ta. Abin da kunne ba ya yafewa shi ne canji na farat ɗaya. Idan mai tace bidiyo ya yanke tari ko tuntuɓen harshe ya bar wurin fayau, sautin ɗakin yakan ɗauke ɗif na ɗan lokaci sannan ya dawo, mai kallo kuma ya ji kamar sifika ta lalace. Aikin cike giɓi gaba ɗaya yana kan manufa guda: a sa ƙarar da ke bayan magana ta gudana ba yankewa daga farkon fitowa har ƙarshenta.

Yadda giɓi ke samuwa

Giɓi iri uku ne ake yawan haɗuwa da su. Na farko shi ne wanda mai tacewa ya haƙa da hannunsa, lokacin da ya cire wata kalma, ko muryar darakta yana ba da umarni, ko ƙarar ƙofa, amma ya bar hoton yana tafiya. Na biyu shi ne hoton da ya zo babu sauti sam, ko ya zo da sautin da ba ya amfanuwa: hoton jirgi marar matuƙi, hoton da aka rage wa gudu, ko wanda iska ta bugi makirufo har ba a jin komai sai fafara. Na uku ba rami ba ne, saɓani ne. Yankuna biyu suna manne da juna, kowanne da sautinsa, amma bayan ɗaya ya fi na ɗayan ƙara, saboda an matsar da makirufo, ko an kashe fanka, ko an ɗauki ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar.

A manhajar tacewa, wurin da babu komai yana nufin shiru na gaske, wato sifili tsantsa, kuma irin wannan shirun babu shi a ɗaki ko a fili. Mitar sauti takan nuna shi ƙarara: a ɗaukar da aka yi a ɗaki mai natsuwa, mitar tana iya tsayawa wajen -50 ko -60 dB tsakanin jimla da jimla, amma a kan giɓi sai ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Bambancin ba ya fita sosai a sifikar waya ko ta ƙaramar kwamfuta. A hedifon kuwa, ko a babbar sifikar gidan kallo, yana fitowa fili. Shi ya sa ake yin wannan aikin da hedifon mai rufe kunne, a kuma ɗan ƙara murya fiye da yadda ake sauraro kullum.

Ɗaukar sautin ɗaki a wurin aiki

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki sautin tun ana lokeshan. Da zarar an gama fitowa ko hira, kafin kowa ya motsa, mai ɗaukar sauti yakan nemi a yi shiru na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ya bar na'ura tana ɗauka. Yakan faɗi sunan wurin da lambar fitowar a farkon ɗaukar don kada a sha wahalar nemanta daga baya.

Sharaɗin shi ne kada a canza komai. Makirufon da aka yi aiki da shi shi za a bari, a inda yake, yana kallon inda yake kallo, kuma ba a taɓa maɓallin ƙarfin ɗauka. Fitilu su zauna a kunne, domin wasunsu suna da ƙara. Mutane ma su zauna a wurarensu, saboda jiki da tufafi suna shanye sauti, ɗakin da ya cika da jama'a ba ya amsawa kamar wanda aka watse aka bari. Idan an yi rabin aikin da fanka a kunne rabi a kashe, sai a ɗauki sautin sau biyu. Idan an yi amfani da makirufo biyu, na sanda da na maƙalawa a riga, kowanne yana da nasa sautin ɗakin, kuma na ɗaya ba ya cike giɓin ɗayan.

Ana ɗauka a ma'aunin da aka ɗauki maganar, wanda a aikin bidiyo yawanci 48 kHz ne. Akwai matsala ta musamman ga masu ɗauka da waya ko ƙaramar kyamara. Yawancinsu suna daidaita ƙarfin ɗauka da kansu: idan mutum yana magana su rage, idan ya yi shiru su ƙara. Sakamakon haka, shirun minti ɗaya da aka ɗauka da irin wannan na'urar yakan fi ƙarar da ke ƙarƙashin maganar ƙarfi. Idan na'urar tana ba da dama, sai a kashe wannan daidaitawar kafin a fara aiki. Idan ba ta bayarwa, sai mai tacewa ya san cewa zai rage cikon da zai sa a giɓi da 'yan desibel kafin ya dace.

Idan ba a ɗauka ba

Sau da yawa kayan aiki sukan iso hannun mai tacewa babu sautin ɗaki ko na daƙiƙa ɗaya. A nan sai a tono shi daga cikin ɗaukar kanta. Ana duba asalin fayil ɗin, ba wanda aka riga aka yayyanka ba, a nemi wuraren da babu magana: kafin darakta ya ce a fara, bayan ya ce a tsaya, lokacin da mai hira yake duba takardarsa, ko lokacin da wanda ake tambaya yake tunanin amsa. Ana zaɓar mafi tsabta, waɗanda babu numfashi, babu motsin riga, babu wutsiyar kalmar da ta gabata. Wannan wutsiyar ita ce ta fi yaudara, domin a ɗaki mai siminti amsa-kuwwar kalma takan ci gaba na ɗan lokaci bayan an rufe baki, kuma ba a ganinta sosai a zanen sauti. Don haka ake fara yanka nesa kaɗan da ƙarshen kalma.

Gutsattsarin da aka samu, ko da rabin daƙiƙa ne kowanne, ana jera su a wani layi na daban a haɗa bakunansu da narkewa, har a sami ciko mai tsawon daƙiƙa biyar ko goma. Idan ya gaza, ana iya kwafarsa a juya kwafin ya koma baya, da umarnin da ake kira Reverse a Audacity da sauran manhajoji, sannan a manna shi a ƙarshen na asali. Amfanin juyawar shi ne ƙarshen na farko da farkon na biyu sun zama abu ɗaya, don haka mahaɗar ba ta tsalle. Dabarar tana aiki ne kawai ga ƙara mai ɗorewa kamar huci da gunji. Idan akwai ƙwanƙwasa ko carar zakara a ciki, juyayyen yakan fito kamar ana zuƙo sautin, kowa kuma zai gane.

Maimaita guntu ɗaya sau da yawa shi ne kuskuren da ya fi yawa. Kunne yana da saurin gane abin da ke dawowa. Guntun daƙiƙa ɗaya da aka jera sau goma yakan haifar da wani kiɗa-kiɗa a bayan magana, musamman idan akwai ɗan ƙaramin ƙyas a cikinsa. Gwajin yana da sauƙi: a saurari cikon shi kaɗai, a ƙara murya sosai, a rufe ido. Idan ana iya ƙirga inda yake komawa farko, bai yi ba.

Sanya ciko a giɓi

Ciko yana shiga cikin ramin ne, a layin maganar, ba a shimfiɗa shi ƙarƙashin maganar gaba ɗaya ba. Dalilin lissafi ne. Yankin da ke da magana ya riga ya zo da sautin ɗakinsa a ciki. Idan aka shimfiɗa wani mai ƙarfi ɗaya a ƙarƙashinsa, ƙarar biyu sukan haɗu su ƙaru da kusan desibel 3, sannan a kan giɓin a koma guda ɗaya. Ramin ya ragu, amma bayan maganar yana hawa yana sauka, kuma an ƙara wa aikin hayaniyar da ba a buƙata. Ciko kamar maho ne a riga: ana yanka shi daidai girman hujin, daga irin yadin, a ɗinke bakinsa.

Ɗinkin bakin shi ne narkewa, wato sautin farko yana raguwa a daidai lokacin da na biyu yake ƙaruwa. A Nijeriya da Nijar ana yawan aiki da firem 25 a daƙiƙa, don haka firem ɗaya kashi ɗaya ne cikin 25 na daƙiƙa. Ga ciko da ya dace da maƙwabtansa, narkewar firem biyu zuwa huɗu ta isa. Ita ce ke hana ɗan ƙyas ɗin da ake ji idan aka yanke igiyar sauti a tsakiyar hawanta. Sai an kula kada narkewar ta ci farkon kalma ko ta jawo wani ɓangare na abin da aka cire, domin tana aron sauti daga ɓoyayyen gefen kowane yanki.

Narkewa iri biyu ce, kuma zaɓin yana da tasiri. A Premiere Pro sunayensu Constant Power da Constant Gain. Ta farko ita ta dace da sautuka biyu da ba daga wuri ɗaya na fayil suka fito ba, kamar ciko da magana, domin tana riƙe ƙarfin daidai a tsakiyar mahaɗa. Idan aka yi amfani da ta biyu a irin wannan wurin, ana jin ɗan lotsawa a tsakiya, kamar ɗakin ya ja numfashi. A DaVinci Resolve, wadda ke maganin wannan lotsawar ita ce Cross Fade +3 dB.

Bayan an cike, ana iya bincika ko akwai ramin da ya kuɓuce. Mai amfani da ffmpeg yana iya fitar da layin maganar shi kaɗai ya ba da wannan umarnin, wanda zai lissafo duk inda sauti ya faɗi ƙasa da -70 dB na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye:

```
ffmpeg -i magana.wav -af silencedetect=noise=-70dB:d=0.1 -f null -
```

Sautukan ƙari

Sautin ɗaki yana toshe ƙananan ramuka. Idan hoto ya zo babu sauti gaba ɗaya, sai an gina masa, kuma ginin hawa biyu ne. Hawa na ƙasa shi ne shimfiɗa, wato sautin wurin baki ɗaya: hayaniyar kasuwa, titi, gona, tsakar gida. Ita ana shimfiɗa ta ne a layinta daban daga farkon fitowa zuwa ƙarshe, har ƙarƙashin magana, yawanci a sitiriyo, alhali magana da cikonta suna mono a tsakiya. Hawa na sama shi ne sautin abubuwan da ido ke gani suna faruwa: taku, rufe ƙofa, zuba shayi, tashin babur. Ba kowane motsi ake sa wa sauti ba. Ana duba inda idon mai kallo zai tsaya, a ba wannan abin sautinsa, sauran kuma shimfiɗa ta rufe su.

Sautin ƙari yana samuwa ta hanya uku. Mafi kyau shi ne a koma wurin, ko wuri irinsa, a ɗauko. Na biyu shi ne a kwaikwaya a ɗaki mai shiru ana kallon hoton, a taka takalmi a kan yashi ko a motsa yadi daidai da motsin jarumi. Wannan sana'ar ta samo sunanta a masana'antar fim daga Jack Foley, wanda ya yi ta a kamfanin Universal na Amurka tun farkon zuwan fim mai sauti. Na uku shi ne rumbun sautuka na intanet. Freesound, wanda aka kafa a 2005 a Jami'ar Pompeu Fabra da ke Barcelona, yana da sautuka masu lasisi iri-iri: wasu a yi amfani da su yadda aka ga dama, wasu sai an ambaci mai su, wasu kuma an hana sa su a aikin kasuwanci. Rumbun sautuka na BBC yana ba da nasa kyauta don karatu, bincike da amfanin kai, amma aikin da za a sayar sai an sayi lasisi. Ana karanta sharaɗin kowane fayil kafin a sauke shi.

Sautin rumbu yana da wani haɗari da bai shafi lasisi ba. Yawancinsa an ɗauko shi ne a Turai da Amurka. Shimfiɗar titi daga can tana zuwa da jiniyar motar 'yan sandansu, ta daji kuma da tsuntsayen da babu su a ƙasar Hausa. Mai kallo a Kano ko Damagaram ya san titinsa da ƙarar adaidaita sahu da babura da hon, ya san safiyarsa da kukan kurciya. Lokaci ma yana da sautinsa. Kukan kwaɗi na damina ne, ba a sa shi a fitowar da ake ganin hazon hunturu. Kiran salla yana faɗa wa mai kallo ƙarfe nawa ne, don haka idan ya shiga shimfiɗa ba da niyya ba zai iya saɓa wa hasken da ke hoton, kuma idan aka maimaita shimfiɗar zai dawo sau biyu.

Nisa shi ne abu na gaba. Sautin da aka ɗauka dab da makirufo yana da kaifi da nauyi, kuma idan aka ɗora shi a kan mutumin da ke can ƙarshen layi sai ya zama kamar a kunnen mai kallo yake tafiya. Rage ƙarfi kaɗai ba ya mayar da shi nesa. Sai an rage masa kaifin sama, a cikin ɗaki kuma a ƙara masa ɗan amsa-kuwwa. Wajen daidaita shi da hoto, ana neman firem ɗin da abu ya taɓa abu, kamar inda ƙofa ta haɗu da dogaranta, a ɗora farkon sautin a nan. Idan za a yi kuskure, gara sautin ya makara da firem ɗaya da ya riga hoton. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, wato kusan mita 14 a firem ɗaya, saboda haka ido da kunne sun saba da ganin abu kafin jin ƙararsa, ba su saba da akasin haka ba.

Misali: hira da tela a shagonsa

A ɗauka an yi hirar minti goma da wani tela, za a rage ta zuwa minti uku. An ɗauka da makirufon maƙalawa, a firem 25, ba a ɗauki sautin ɗaki ba. Muryarsa tana kaiwa wajen -12 dB, bayanta kuma yana wajen -52 dB, yawanci ƙarar fankar sama. A minti na shida aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, maƙwabci ya tayar da janareto, bayan maganar ya hau zuwa wajen -40 dB. Akwai kuma hoton hannuwansa a kan keken ɗinki na daƙiƙa shida, wanda aka ɗauka daga baya rediyo tana waƙa a shagon.

Matakin farko shi ne a raba kayan gida biyu, na lokacin fanka da na lokacin janareto, a haɗa wa kowanne cikonsa. A ɓangaren fanka an sami daƙiƙa biyu kafin tambayar farko da wasu gutsattsari uku na kusan rabin daƙiƙa. An jera su da narkewa, an juya kwafi an manna, an sami kusan daƙiƙa shida. A ɓangaren janareto an sami daƙiƙa uku a lokacin da telan yake neman almakashi, amma akwai ƙarar aljihun tebur a tsakiya, don haka aka cire ta aka haɗa gefe biyun.

Mataki na biyu shi ne ƙananan ramuka. A wata jimla telan ya yi tari, an cire firem 18, wato ƙasa kaɗan da kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa. An yanko firem 18 daga cikon fanka, da ɗan rara a kowane gefe don narkewa, an sa a ramin da narkewar firem uku. Da aka saurara, sai aka ji kalmar da ke biye ta faɗo ba zato. Dalilin shi ne an haɗa da numfashin da ya ja kafin kalmar an cire. Aka ja bakin yankin baya da firem shida numfashin ya dawo, aka rage cikon zuwa firem 12, jimlar ta zauna daidai. Mutum ba ya magana ba numfashi, kuma cire shi duka yana sa hira ta zama kamar ta na'ura.

Mataki na uku shi ne mahaɗar fanka da janareto, inda bambancin ya kai desibel 12. Ana fara rage mai ƙarar gwargwadon abin da murya za ta jure. An yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, inda nauyin gunjin yake kuma muryar ba ta da abin kirki a can. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana kan 50 Hz, ƙananan janaretoci kuma suna juyawa kusan sau 3000 a minti don su ba da hakan, saboda haka akan sami gunji a kusa da 50, 100 da 150 Hz. An nemi waɗannan an lotsa su da siririn yanka. Ba a cika samunsu daidai kan lambar ba, domin gudun janareto yana sauyawa idan aka ɗora masa kaya, don haka da kunne ake nemansu. Daga nan aka yi rage hayaniya mai sauƙi. A Audacity ana zaɓar guntun ciko a danna Get Noise Profile a cikin Noise Reduction, sannan a zaɓi maganar a rage. An tsaya a desibel 6, domin da aka gwada 15 muryar ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa, da wani ƙyalƙyali a bayan kalmomi. Wannan ita ce alamar an wuce gona da iri.

Bayan haka bambancin ya ragu zuwa kusan desibel huɗu, amma launin ƙarar biyu bai zama ɗaya ba. Sai aka ɗauki cikon janareto, wanda aka yi masa irin gyaran da aka yi wa maganar, aka sa shi a wani layi ƙarƙashin jimlar ƙarshe ta ɓangaren fanka, yana tasowa a hankali har ya kai cikakken ƙarfinsa a mahaɗar. Nan ne kaɗai aka yarda ciko ya shiga ƙarƙashin magana, domin ana so ne canjin ya zo sannu. An kuma sa mahaɗar ta faɗo daidai inda hoto ya koma wajen shagon, saboda kunne yana karɓar sabon sauti cikin sauƙi idan ido ma ya ga sabon wuri.

Mataki na huɗu shi ne hoton keken ɗinki. An zubar da sautinsa na asali gaba ɗaya, saboda waƙar rediyon tana da masu haƙƙinta, kuma za ta yanke a tsakiya. An sa cikon ɗaki na daƙiƙa huɗun farko a layin magana. An je wurin wani tela mai irin keken, na ƙafa, an ɗauki ƙararsa daga nisan kamu biyu: tashi, gudu, da tsayawa. Irin keken yana da muhimmanci, domin duk wanda ya taɓa zama a shagon tela zai bambance na ƙafa da na lantarki. An ɗora tashin a firem ɗin da allura ta fara motsi, tsayawar a inda ta tsaya, aka rage tsakiyar ta dace da tsawon. Da yake muryar telan tana dawowa a daƙiƙa biyun ƙarshe na hoton, an sauke ƙarar keken da kusan desibel 10 a wurin don kada ta danne maganar.

Iyakar abin da ciko zai iya

Ciko ba ya gyara maganar da ta lalace. Idan murya ta fashe saboda ƙarfin ɗauka ya yi yawa, ko hon ya faɗo a kan kalma, sai a nemi kalmar a wani ɗaukan na fitowar, ko a kira jarumin ya sake faɗa a situdiyo. Muryar situdiyo takan zo a bushe, babu ɗaki a bayanta, don haka a wannan halin ana shimfiɗa sautin ɗakin a ƙarƙashinta gaba ɗaya, tunda babu wani da zai ninka.

Akwai kuma iyaka ta amana. A fim na ƙirƙira mai tacewa yana da 'yancin gina duk sautin da labari ke so. A rahoton labarai da shirin gaskiya, cike rami da sautin wurin abu ne da aka saba, amma ƙara abin da zai canza fahimtar mai kallo ƙarya ce: tafi a taron da ba a tafa ba, harbin bindiga a inda ba a yi harbi ba, ko hayaniyar dubban mutane a kan taron da bai cika rumfa ba.

Aikin gwaji

1. A ɗauki hirar minti biyu a ɗaki mai fanka, sannan a ɗauki sautin ɗakin na daƙiƙa 30 ba tare da canza komai ba. A cire kalmomi uku daga hirar, a saurari ramukan da hedifon, a cike su, a sake saurara.
2. A maimaita aikin ba tare da taɓa sautin ɗakin da aka ɗauka ba, a haɗa ciko na daƙiƙa biyar daga cikin hirar kanta. A ba wani ya saurara ya nuna inda yake jin mahaɗa.
3. A ɗauki hoton daƙiƙa goma na mai shayi yana aiki, a cire sautinsa duka, a gina masa shimfiɗa da sautuka uku na abin da ake gani.
4. A bayyana dalilin da ya sa ba a shimfiɗa ciko ƙarƙashin maganar da ta zo da sautin ɗakinta, a kuma kawo hali biyu daga darasin inda aka yi hakan da gangan.